Ingolfin: Ku Daina Kallon Kyandir, Ku Kalli Inda Ya Fito

Malam, yaya ake gane bulish ingolfin a jadawalin farashin kirifto ko fores?

Kyandir biyu ne, wato sandunan da ke nuna motsin farashi: ja sauka, kore hawa. Na farko ja, na biyu kore, kuma jikin koren ya haɗiye jikin jan gaba ɗaya. Berish kishiyarsa ne: kore a farko, sai ja ya haɗiye shi. Shi ke nan.

Dole ne ya haɗiye har da lagwanin, wato siririn layin da ke sama ko ƙasan jikin?

A'a, jiki ake dubawa. In ya haɗiye har lagwani, ƙarfi ya ƙaru.

Na ga bulish ingolfin na saya, kasuwa ta ci gaba da sauka. Ashe ƙarya ne?

Ɗan'uwa, a ina ka gan shi? Duk mai kawo wannan ƙorafi, hoton kyandir biyu kawai yake turowa, ya yanke abin da ke hagu, alhali amsar tana hagun. Ingolfin alama ce ta juyawa, don haka sai akwai abin da zai juya. Bulish yana da ma'ana ne bayan farashi ya jima yana sauka, ya iso sapot, wurin da masu saye suka taɓa tare shi. Berish kuma bayan hawa, a ƙarƙashin rizistans, wurin da masu sayarwa suka taɓa tare shi. Wanda ya fito a tsakiyar kai-komo, hayaniya ce kawai. Shago a bakin Kasuwar Barci da shago a ƙuryar lungun da ba kowa ke bi ba, ko girmansu ɗaya, cinikinsu ba ɗaya ba ne.

Ga wani abu: a kirifto da yawancin fores, kyandir yakan buɗe kusan daidai inda na baya ya rufe. Saboda haka duk wani kore da ya ɗan fi jan baya tsawo ya zama ingolfin. Shi ya sa suka cika ko'ina.

Ya fito daidai kan sapot, amma kyandir ɗin dogo ne. In shiga ko in jira?

Wannan kam tambaya ce, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Mu ƙaddara wani kwabon kirifto ya sauko daga dala 120 zuwa 100, inda ya taɓa tashi sau biyu a baya. A `H4`, wato kyandir na awa huɗu, ja ya buɗe a 103 ya rufe a 101. Kore ya buɗe a 101, ya leƙa 99.5, ya dawo ya rufe a 104. Wuri ya yi kyau, kuma leƙawar nan ƙasa da 100 da dawowa ta nuna masu sayarwa sun gwada sun kasa.

In ka shiga a 104, `Stop Loss` ɗinka, wato inda za ka fita in ciniki ya ɓaci, yana ƙasan lagwani, a ce 99. Kasadarka dala 5 ke nan. Yanzu ɗaga kai ka nemi rizistans mafi kusa. In yana 116, kana neman 12 da kasadar 5, ya fi ninki biyu, ana iya shiga. In kuwa yana 107, kana neman 3 da kasadar 5. Kyandir ɗaya, sapot ɗaya, amma na biyun ba ciniki ba ne, ka bar shi.

Wasu sukan jira farashi ya dawo rabin jikin koren, wato 102.5, kasada ta ragu zuwa 3.5. Dabara ce mai kyau, sai dai sau da yawa farashi ba ya dawowa, ya tafi ya bar ka. Wani lokacin kuma dawowar tasa ita ce farkon karyewar sapot. Ni dai a ganina, in lissafi ya fita a 104, ka shiga da ƙaramin kaso. In bai fita ba sai da jira, to ka jira. Mai jarin dala 500 da ya iyakance asararsa a kashi 1 cikin 100, dala 5 yake da ita, wato kwabo ɗaya tak zai saya a 104. Kuma ka duba `D1`, kyandir na yini, tukuna: in can sauka ake yi da ƙarfi, kada ka sa rai da nisa. Duk da haka yana iya faɗuwa, ba wanda zai ba ka tabbas.

Zan iya shiga kafin kyandir ya rufe?

A'a. Sau nawa za a faɗa? Kore a ƙarfe huɗu yana iya zama ja kafin biyar. A Binance, kyandir ɗin `H4` yana rufewa ƙarfe 1, 5 da 9 agogon Kaduna, na yini kuma ƙarfe 1 na dare. Sa ƙararrawa.

A `M1`, kyandir na minti ɗaya, ina ganinsu birjik.

Don sun yi yawa ne ba su da daraja. Koma `H1`, na awa ɗaya, zuwa sama.

Na yi asara sau uku a jere. In haƙura?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, uku a jere yana faruwa ko da kyakkyawan tsari. Buɗe cinikin nan uku ki duba kowanne: akwai sauka ko hawa kafin kyandir ɗin? Kin zana sapot ɗin kafin ya fito, ko bayan ya fito kika nemo masa? Wanda aka zana daga baya, kada ki lissafa shi cikin gwajin tsarin.