Saɓanin kwana ɗaya a ranar rasuwa saboda bambancin agogon ƙasashe

Saɓanin kwana ɗaya a ranar rasuwa shi ne a samu majiyoyi biyu sun kawo ranaku biyu masu bin juna a matsayin ranar da mutum ɗaya ya rasu, wannan ta ce 8 ga wata, waccan ta ce 9, alhali babu wadda ta yi ƙarya. Rai sau ɗaya yake fita, a lokaci guda ga duniya baki ɗaya. Kwanan wata kuwa ba haka yake ba. Kowace ƙasa tana shiga sabuwar rana ne idan agogonta ya buga ƙarfe 12 na dare, kuma wannan tsakar daren ba ya zuwa ko'ina tare, daga gabas yake farawa ya yi ta tafiya yamma. Idan mutum ya cika a lokacin da tsakar dare ya riga ya wuce wata ƙasa amma bai iso wata ba, kalandar ƙasashen biyu za ta nuna ranaku daban.

Tushen abin

Duniya tana kammala juyawa a cikin sa'a 24, wato digiri 15 a kowace sa'a. A kan haka aka yanka ta shiyya-shiyya, kowace shiyya da agogonta, ana auna su duka da agogon da ke kan layin Greenwich a birnin Landan. Taron ƙasashe da aka yi a Washington a 1884 ne ya amince da wannan layi a matsayin mafarin awo. Masu sauraron rediyo sun san shi da agogon GMT, a rubuce-rubucen kimiyya kuma UTC ake sakawa, kuma a lissafin da ya shafi wannan batu duka ɗaya ne. Ƙasar da aka rubuta mata UTC+9, kamar Japan, tana gaba da sa'a tara. Wadda aka rubuta mata UTC−5 tana baya da sa'a biyar.

Girman tazarar shi ne ke nuna yawan yiwuwar saɓani. Garuruwa biyu da ke da tazarar sa'a ɗaya, sa'a ɗaya kacal a kowace rana suke zama a kwanan wata daban. Idan tazarar sa'a tara ce, to sa'a tara cikin 24 suna saɓawa, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na rasuwar da za a yi a ɗayan garin, a ɗayan an riga an canza rana ko ba a kai ga canzawa ba. Shi ya sa ba a cika ganin matsalar tsakanin maƙwabtan ƙasashe ba, amma ta zama ruwan dare tsakanin Amurka da gabashin Asiya ko Ostareliya.

Misalin Sarauniya Elizabeth ta Biyu

Rasuwar Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta dace da lissafi, domin an san lokacinta har da minti. Takardar shaidar rasuwarta ta nuna ta cika da ƙarfe 3:10 na rana, ranar Alhamis 8 ga Satumba 2022, a Balmoral da ke Scotland.

Matakin farko shi ne a mayar da lokacin zuwa GMT. A nan mutane da dama ke zamewa, don suna ɗauka agogon Birtaniya kullum GMT ne. Ba haka ba ne. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ƙasar tana tura agogonta gaba da sa'a ɗaya, saboda haka 3:10 na rana a Balmoral ya yi daidai da 2:10 na rana agogon GMT, wato 14:10.

Mataki na biyu shi ne a ƙara wa wannan adadi sa'o'in kowane gari. Tokyo tana gaba da sa'a tara, lissafi ya ba da 23:10, saura minti hamsin ranar 8 ta ƙare. Perth, a yammacin Ostareliya, tana gaba da sa'a takwas, ƙarfe 22:10 ke nan, ita ma ranar 8. Adelaide tana gaba da sa'a tara da rabi, don haka agogonta na nuna 23:40, ta tsira da minti ashirin. Amma Sydney da Melbourne da Canberra, babban birnin ƙasar, suna gaba da sa'a goma, kuma 14:10 a haɗa da goma ya haura 24: ƙarfe 12:10 na dare, Juma'a 9 ga Satumba ta shigo da minti goma. A Wellington ta New Zealand kuwa ƙarfe 2:10 na daren ne, ranar 9. Ga ƙasa ɗaya, Ostareliya, wadda marigayiyar ce sarauniyarta, amma a wani ɓangarenta ta rasu ranar Alhamis, a wani ɓangaren ranar Juma'a.

Wanda ya manta da sa'a ɗayan nan ta agogon bazara, ya ɗauki 15:10 a matsayin GMT, zai jefa Tokyo da Adelaide cikin ranar 9 bisa kuskure. Kuskuren sa'a ɗaya a irin wannan lissafi yana iya zama kuskuren kwana guda.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara dagula lamarin. Fadar Buckingham ba ta sanar da rasuwar ba sai ƙarfe 6:30 na yamma agogon Birtaniya, fiye da sa'a uku bayan faruwarta, kuma ainihin lokacin cikawar bai fito fili ba sai da aka wallafa takardar shaidar a ƙarshen watan. Lokacin sanarwar, ƙarfe 2:30 na dare ne a Tokyo, 1:30 a Perth, duka ranar 9. Mutanen waɗannan garuruwa a ranar 9 suka ji labarin, duk da cewa ko a agogonsu ranar 8 ta rasu. Saɓani iri biyu ke nan a kan rasuwa ɗaya: na agogo, da na jinkirin labari.

Gaba ko baya

Saɓanin yana da alkibla, kuma alkiblar ba ta canzawa. Wanda ya rasu da yamma ko da dare kafin ƙarfe 12, ƙasashen da ke gabas da shi ne za su ga washegari. Ɗan damben nan Muhammad Ali ya rasu a jihar Arizona ta Amurka da misalin ƙarfe 9:10 na dare, ranar Juma'a 3 ga Yuni 2016. Arizona tana bayan GMT da sa'a bakwai, saboda haka a Turai da Afirka da Asiya an riga an shiga Asabar 4 ga wata. Haka mawaƙi John Lennon, wanda aka harbe a New York gab da ƙarfe 11 na daren 8 ga Disamba 1980, a mahaifarsa Liverpool ranar 9 ta riga ta kama.

Wanda kuma ya rasu bayan tsakar dare ko da sassafe, ƙasashen yamma da shi suna cikin jiya. Gimbiya Diana ta rasu a asibiti a Paris da ƙarfe 4 na asuba, ranar Lahadi 31 ga Agusta 1997, a New York kuwa ƙarfe 10 na daren Asabar ne, 30 ga wata. An kashe Osama bin Laden a Abbottabad ta Pakistan da misalin ƙarfe 1 na dare ranar 2 ga Mayu 2011, amma Shugaba Barack Obama ya sanar da hakan a Washington a daren 1 ga Mayu. Mai karanta ranakun biyu ba tare da lura da agogo ba zai zaci an yi sanarwar kwana ɗaya kafin abin ya faru.

A tekun Fasifik, inda layin sauya kwanan wata ya ratsa, tazarar takan kai kwana cur. Samoa tana UTC+13, maƙwabciyarta Samoa ta Amurka tana UTC−11, agogonsu na nuna lokaci iri ɗaya amma ranakunsu daban. Samoa ta koma wancan gefen layin ne a ƙarshen 2011, ta tsallake daga Alhamis 29 ga Disamba zuwa Asabar 31, don haka duk rubutun da ya ce wani ya rasu a can ranar 30 ga Disamba 2011 da agogon wata ƙasa aka yi shi. Tun da tsibirin Kiritimati na Kiribati yana UTC+14, tsakanin ƙarfe 10 da 11 na safe agogon GMT ranaku uku ne ke tafiya tare a wuraren da mutane ke zaune, kuma a nan saɓanin kan kai kwana biyu.

Wace rana ake ɗauka

Abin da kundayen sani da marubuta tarihin mutane suka saba bi shi ne ranar wurin da aka rasu, da agogon da hukuma ke aiki da shi a wurin a wannan ranar. Ita ce ake rubutawa a takardar shaidar rasuwa, domin likita da ofishin rajista agogon garinsu suke duba. Ƙasar da mamacin ya fito ko inda danginsa suke ba su shiga lissafi ba. Ranar rasuwar Muhammad Ali 3 ga Yuni ce ko a littafin da aka buga a Indiya. Dalilin wannan zaɓi a fili yake: agogon mai karatu yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, wurin rasuwa kuwa ɗaya ne. Idan akwai buƙatar ambaton ɗaya ranar, sai a faɗi agogon da aka bi.

Yadda ake gane ko agogo ne sanadi

Ba kowane saɓanin kwana ɗaya ba ne laifin agogo, kuma ana iya gwadawa. A duba alkibla tukuna: majiyar da ta kawo ranar gaba, agogonta yana gaba da na wurin rasuwar? Idan jaridar ƙasar da agogonta ke baya ce ta kawo ranar gaba, bambancin agogo ba zai iya haifar da hakan ba, mai yiwuwa ranar sanarwa ko ranar bugu ta ɗauka. Sannan a duba sa'a: tazarar ta isa ta tsallake tsakar dare? Wanda ya rasu da azahar, tazarar sa'a biyu ba za ta kai shi washegari ba.

Wani sanadin daga kwamfuta yake. Wasu rumbunan bayanai suna adana kwanan wata tare da liƙa masa tsakar daren GMT, kamar wannan misali na ranar rasuwar Muhammad Ali:

```
2016-06-03T00:00:00Z
```

Idan na'urar mai karatu a New York ta mayar da wannan zuwa agogonta, sai ta nuna ƙarfe 8 na daren 2 ga Yuni, ranar da mamacin yana raye a kowane agogo na duniya. Alamar wannan kuskure ita ce ranakun mutane da yawa su ja baya tare da kwana ɗaya, na haihuwa da na rasuwa duka.

Saɓanin da ya kai kwana goma zuwa sha uku kuwa na kalanda ne, tsakanin tsohuwar kalandar Juliyas da ta Girigori, wadda Rasha ba ta karɓa ba sai 1918. A kalandar Hijira ma akan samu bambancin kwana ɗaya ko da agogo bai bambanta ba, saboda ranarta da faɗuwar rana take farawa, kuma ƙasashe kan saɓa a ganin wata.