Rahoton cikar gadaje a ɗakin kwantar da marasa lafiya: yadda ake ƙirga da yadda ake raba lissafin

Yallaɓai, an ce in tsara rahoton gadaje na wata ga ɗakin maza. Daga ina zan fara?

Daga ƙarfe goma sha biyun dare. Duk alƙaluman da za su fito a rahoton ƙarshen wata, daga ƙirgar da nas ɗin dare take yi a wannan lokacin suke tasowa. An zaɓi tsakar dare ne saboda ɗaki ya lafa, ba a sallama, ba a cika kawo sababbi ba, kuma a nan kwanan wata ke canjawa.

Saboda haka takardar kullum za ka fara tsarawa, layi ɗaya ga kowace rana. A layin a rubuta waɗanda aka kwana da su jiya, sababbin da aka ba gado, da waɗanda aka dawo da su daga wani ɗaki. Sai masu fita, kuma a nan ne ake son ka rarraba: wanda likita ya sallama, wanda ya sa hannu ya tafi ba da yardar likita ba, wanda ya sulale ba sallama, wanda aka tura wani asibiti, wanda aka mayar wani ɗaki, da wanda ya rasu. Kowanne da gurbinsa. A ƙarshe ka bar gurbi biyu da yawanci ake mantawa: wanda ya shigo ya fita a rana guda, da yawan gadajen da suke aiki a ranar.

Lissafin kowace rana dole ya rufe kansa. An kwana da mutum 18, an kwantar da 4, an dawo da 1 daga ɗakin tiyata, 3 sun fita, saura 20. Idan nas ta zagaya ta ƙirga kawuna ta samu 19, akwai wanda ya fita ba a rubuta ba, kuma da safen nan ya kamata a nemo shi a rajista. In aka bari sai 30 ga wata, babu wanda zai tuna. A Excel, idan B na jiya ne, C da D masu shigowa, E zuwa J masu fita:

```
=B2+C2+D2-SUM(E2:J2)
```

Wanda aka kwantar da safe aka sallame shi da yamma fa? Ai ƙirgar dare ba za ta gan shi ba.

Shi ya sa yake da gurbinsa daban. Ya hau gado, an ba shi magani, an canja zanin gado bayansa, don haka ana ba shi kwana ɗaya. A misalin ɗazu, idan ɗaya daga cikin ukun da suka fita ya shigo ne a wannan ranar, to kwanan jinya na wannan rana 21 ne: 20 da aka ƙirga da dare da shi ɗayan. Abin da nake kira kwanan jinya ke nan, mutum ɗaya a kan gado na kwana ɗaya.

Ga sauran kuwa, ana ƙirga ranar shigowa, ba a ƙirga ranar fita. Wanda aka kwantar ran 3 aka sallama ran 8 ya yi kwana 5.

Ɗakinmu gado 24 ne a takarda, amma huɗu ba a amfani da su. Da wanne zan raba?

Da waɗanda za a iya kwantar da mutum a kansu. Bari mu ƙaddara watan Satumba ne, mai kwana 30. Daga ran 1 zuwa ran 10 duk gadaje 24 suna aiki. Daren 10 aka yi ruwa mai ƙarfi, rufi ya fara yoyo a kusurwar gabas, aka naɗe katifu huɗu aka jingine su da bango, aka jera bokitai a wurin, kuma haka aka ƙare watan. Kwana 10 sau gado 24 ya ba da 240. Kwana 20 sau gado 20 ya ba da 400. Jimillar kwanan gado da ɗakin ya iya bayarwa 640 ke nan.

Yanzu a ce da ka tara kwanan jinya na duk watan ka samu 576. Cikar gadaje ita ce kwanan jinya a raba da kwanan gado, sau ɗari. 576 a raba da 640 ya ba da kashi 90 cikin 100. Da ka yi amfani da gadajen takarda, 24 sau 30, wato 720, da kashi 80 za ka samu.

Wannan tazarar ta kashi goma tana iya canja hukunci. An saba ɗaukar kusan kashi 85 a matsayin iyakar da in ɗakin da ke karɓar marasa lafiya na gaggawa ya wuce ta, za a fara samun ranakun da babu gado. Shugaban asibiti da ya ga 80 zai ce akwai sauran wuri, alhali nas-nas sun san sun yi makonni uku suna ce wa sashen gaggawa a dakata. A ra'ayina ka sa duka biyun a rahoto, na gadajen da ke aiki a sama, na takarda a ƙasa, da layi guda mai cewa gado huɗu sun tsaya daga ran 11 saboda yoyo. Sau da yawa wannan layin ne yake sa a turo kafinta.

Na taɓa ganin rahoto da ya ce kashi 115. Kuskure ne?

Ba lallai ba. A ɗakin yara lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ana haɗa yara biyu a gado ɗaya, ana kuma shimfiɗa katifa a ƙasa. Kowane yaro kwanan jinyarsa daban, gadon kuwa ɗaya ne, sai lissafi ya haura ɗari. Kada ka ƙara katifun ƙasa cikin yawan gadaje don lamba ta yi kyau, domin cunkoson da ake so a gani shi za ka ɓoye. Inda yake zama kuskure shi ne ɗakin haihuwa, idan aka ƙirga jarirai masu lafiya tare da iyayensu mata aka raba da gadajen manya kaɗai. Jarirai lissafinsu daban ake yi.

To matsakaicin kwanakin da mutum yake yi a kwance, yaya ake fitar da shi?

Hanya biyu ce, kuma ba sa ba da amsa ɗaya.

Ta farko ita ce mai sauƙi: kwanan jinya na watan a raba da duk waɗanda suka bar ɗakin. A Satumbarmu, likita ya sallami 74, mutum 6 sun sa hannu sun tafi, 2 sun sulale, an tura 4 wani asibiti, an mayar da 4 ɗakin tiyata, 6 sun rasu. Jimilla 96. 576 a raba da 96, kwana 6. Kuskuren da na fi gani shi ne a raba da 74 kawai, wai su ne aka sallama, sai a samu kusan kwana 8. Wanda ya rasu da wanda ya gudu duk sun kwanta a gadon, kwanakinsu suna cikin 576, don haka dole su shiga cikin abin da ake rabawa da shi.

Ta biyu ta fi daidai amma tana son rajista mai kyau. Ka ɗauki kowane mutum da ya fita a watan, ka lissafa kwanakinsa tun daga ranar da ya shigo, ko da a wani watan ne, ka tara, ka raba da yawansu. Idan C ranar shigowa ce, D ranar fita:

```
=MAX(1,D2-C2)
```

Ga inda suke rabuwa. A ce akwai wani dattijo mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, an kwantar da shi ran 7 ga Yuli, ya tafi gida ran 20 ga Satumba. Kwana 75. A hanyar farko kwana 19 kawai ya saka a lissafin Satumba. A ta biyu duk 75 ɗin suna faɗowa kan Satumba. Idan jimillar kwanakin mutum 96 ta kama 620, matsakaici ya kusa shida da rabi. Cire dattijon, 545 a raba da 95, ya dawo ƙasa da shida. Mutum ɗaya ya ja ɗaki gaba ɗaya. Don haka ina son rahoto ya nuna na tsakiya ma, wato in aka jera kwanakin daga ƙarami zuwa babba, wanda ya faɗo a tsakiyar layi, kuma `MEDIAN` yana fitar da shi. Sannan a rubuta yawan waɗanda suka haura kwana 30. Duk hanyar da ka zaɓa, ka rubuta ta a ƙasan rahoto kuma ka tsaya a kanta, in ba haka ba ba za a iya gwada Satumba da Oktoba ba.

Likita ya rubuta sallama ran Juma'a, mutumin bai tafi ba sai Litinin. Wace rana zan sa?

Litinin. Gadon bai samu kansa ba sai ranar da mutumin ya kwashe tabarmarsa da fulas ɗinsa. Ko kuɗin asibiti ne bai cika ba, ko 'yan'uwa ake jira su zo da mota daga ƙauye, kwana ukun nan babu wanda aka iya kwantarwa a wurin. Amma ka ajiye ranakun biyu a rajista, ranar da likita ya sallama da ranar da aka fita. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce za ta nuna maka ko magani ne yake daɗewa ko kuwa ofishin biyan kuɗi ne ba ya aiki a ƙarshen mako.

Idan na haɗa rahoton duk ɗakuna don in fitar da na asibiti, sai masu shigowa su fi na rajistar karɓa yawa. Me ya sa?

Sauyin ɗaki ne ka ƙirga sau biyu. Mutum huɗun da aka mayar ɗakin tiyata, a wurinku fita suka yi, a can kuma shigowa. A idon asibiti ba su motsa ba. Saboda haka a rahoton ɗaki ana sa su, a na asibiti ana cire su daga ɓangarorin biyu, musamman kafin a shigar da alƙaluman wata a DHIS2, manhajar da ake tattara alƙaluman lafiya a cikinta. Gwajin yana da sauƙi: tara duk waɗanda aka mayar wani ɗaki a faɗin asibiti, ka tara duk waɗanda aka karɓa daga wani ɗaki, dole su zo daidai. Sa'an nan ka rufe watan ɗakinku kamar yadda kake rufe rana. An shiga Satumba da 18, an kwantar da 93, an karɓi 5 daga wasu ɗakuna, 96 sun fita, saura 20. Wannan 20 ɗin shi ne zai zauna a layin farko na takardar 1 ga Oktoba.