Kalar da ke kan gilashi za ta gaya muku inda matsala take

Ƙannena ɗaliban gwaje-gwajen asibiti da ke shirin jarrabawar aiki, abin da ke yawan kayar da ɗalibi a teburin gwajin maleriya shi ne gaggawar neman ƙwayar cuta a gilashin da tun farko bai isa a karanta shi ba. Malamin da ke tsaye a kanku yana duba ko za ku iya kallon shafin jini ku ce wannan ya yi, wannan bai yi ba, ga kuma dalili. Sakamakon da za ku riƙa sa wa hannu nan gaba, da shi likita zai ba mutum magani ko ya hana shi.

Shafi biyu ake yi, sau da yawa a gilashi ɗaya. Siririn shafi ɗigo ɗaya ƙarami yake so. Ku ɗora gefen gilashi na biyu a gaban ɗigon, a karkace kamar digiri 30 zuwa 45, ku ja shi baya har ya taɓa jinin, ku bari jinin ya bazu a gefensa, sannan ku tura gaba sau ɗaya ba tare da tsayawa ba. Shafi mai kyau yana ƙarewa da jela mai laushi kafin ya kai ƙarshen gilashi. Idan jinin ya tsinke, irin na mai ƙarancin jini, ku ɗaga gilashin turawar sama kaɗan, in ba haka ba shafin zai yi tsawo ya zarce. Idan jinin mai kauri ne, kamar na jariri sabon haihuwa, ku kwantar da gilashin turawar kaɗan. Ramuka a cikin shafi alamar maiƙo ne a gilashi, layi-layi kuwa daga gefen turawa mai kaushi yake zuwa.

Shafi mai kauri kuwa ɗigo biyu ko uku ƙanana ne, a baza su da kusurwar gilashi su zama da'ira mai faɗin kamar santimita 1. Kafin ya bushe ku ɗora shi a kan rubutu. Idan kuna iya karanta rubutun da ƙyar, kaurin ya yi daidai.

A nan ne hanyoyin shafukan biyu suke rabuwa. Siririn shafi ana kafe shi da metanol domin jajayen ƙwayoyin jini su tsaya da siffarsu, a gane nau'in ƙwayar cutar da ke cikinsu. Mai kaurin kuwa ba a so metanol ya kusance shi, domin so ake ruwan rini ya fasa jajayen ƙwayoyin, launinsu ya fita, a ga abin da ke ƙasa. Ko tururin metanol yana iya kafe shi, haka ma zafi mai yawa wajen busarwa. Saboda haka ku karkata gilashin, siririn shafi na ƙasa, ku tsoma shi kaɗai a metanol, ku bar shi ya bushe sarai kafin rini. Wannan ne kuma dalilin da ba a zuba rinin Lishman a shafi mai kauri, tun da da metanol ake haɗa shi.

Rinin Gimsa ana sirka shi da ruwan bafa, wato ruwan da ke daidaita tsamin rini, mai pH 7.2. Na gaggawa kashi 10 cikin 100 ne, wato mililita 1 na rini a mililita 9 na bafa, ya zauna kamar minti 10. Na hankali kashi 3 ne, minti 45 zuwa 60, kuma idan an ce ku haɗa mililita 50, mililita 1.5 na rini za ku zuba a 48.5 na bafa. Ku saba da wannan lissafi har ya zauna muku, domin hannu na rawa a zauren jarrabawa. Rinin da aka sirka ba ya kwana, ana haɗa shi ne dab da amfani, abin da ya saura a zubar. Kwalbar asali a rufe take zama, nesa da haske, kuma ba a tsoma jiƙaƙƙen fifet a cikinta.

To, mu ce an miƙo muku gilashi an ce ku yi bayani. Kun ɗiga mai a gilashin, kun sauko da madubin maikuroskop mai ƙara girma sau 100. A siririn shafi jajayen ƙwayoyin sun yi shuɗi-shuɗi, cibiyar fararen ƙwayoyin ta yi duhu, ga baƙaƙen ɗigo warwatse ko'ina. A mai kaurin kuma jajayen ƙwayoyin na nan cunkushe, ba su fashe ba. Matsala uku ce a nan, kowace da tushenta. Shuɗin yana nuna bafar ta haura 7.2, ko rinin ya daɗe a kan gilashin fiye da ƙima. Da ta yi ƙasa da 7.2, da komai ya rinjaya zuwa ja, jikin ƙwayar cutar ya kasa ɗaukar shuɗinsa. Baƙaƙen ɗigon gurɓin rini ne. Yana zuwa idan rinin ya tsufa, ko kuma idan an tsiyaye rinin kafin a wanke, sai wannan yanar mai ƙyalli da ke samansa ta kwanta a kan jinin. Hanyar kauce masa ita ce a kwararo ruwan bafa a hankali daga gefen siririn shafi, yanar ta taso ta fice. Jajayen ƙwayoyin da suka ƙi fashewa kuwa metanol ne ko zafi ya taɓa su, kuma wannan ba ya gyaruwa. Amsar da ta dace ita ce ba za a fitar da sakamako daga wannan gilashi ba, sai a sake shafi.

Ta yaya za a raba laifin rini da laifin hannu? Da gilashin gwaji, wato shafin jinin da aka riga aka tabbatar yana ɗauke da ƙwayar maleriya. Ana rina shi duk lokacin da aka buɗe sabon rini ko aka haɗa sabuwar bafa, a auna pH ɗin, a rubuta abin da aka gani a littafi tare da kwanan wata. Idan ɗigon cibiyar ƙwayar cutar ya fito ja, jikinta shuɗi, rini lafiya lau yake, sai ku koma kan yadda kuka yi shafinku. Idan gilashin gwajin ma ya lalace, kada ku taɓa jinin majiyyaci da wannan rinin. Waɗannan launuka biyu su ne kuma ke raba ƙwayar gaske da filetilet ɗin da ya hau kan jar ƙwaya, ko gurɓin rini, wanda kala ɗaya ce gare shi kuma ba shi da tsari.

Idan gilashin ya wuce wannan tantancewa, sai ƙirga. Ba a cewa babu ƙwayar cuta sai an duba aƙalla fili 100 na shafi mai kauri. In an same ta, ana ƙirga ta tare da fararen ƙwayoyi har su kai 200. Idan ƙwayoyin cutar sun kai 100 a lokacin, a tsaya. Idan ba su kai ba, a ci gaba zuwa fararen ƙwayoyi 500. Mu ce a 200 kun samu 60, kun ci gaba, a 500 kun tashi da 145:

```
145 × 8000 ÷ 500 = 2320 /µL
```

Wannan 8000 ƙiyasi ne na yawan fararen ƙwayoyi a maikurolita ɗaya. Idan ainihin ƙirgar majiyyacin na hannunku, da ita za ku yi aiki, domin mai fararen ƙwayoyi 4000 lissafin ƙiyasi zai ninka masa adadin cutar sau biyu. A takardar amsa ku rubuta nau'in ƙwayar kamar yadda siririn shafi ya nuna, da matakin girmanta, da adadin, da kuma lambar da kuka yi lissafin da ita.