Sabuwar kalmar sirrin waifai ta gidanmu: amsar tambayoyin 'yan haya

"Malam, tun daren jiya waifai ya daina kama wayata. Rautar ce ta lalace?"

Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Ni na canja kalmar sirri bayan sallar isha'i. Layin sama sunan waifai ne, yana nan yadda kuka san shi, na ƙasa kuma ita ce sabuwar kalmar:

```
GidanMangwaro
Tulu-Bakwai-49Goro
```

A rubuta ta yadda take. T da B da G manyan baƙaƙe ne, akwai karan ɗori guda biyu, kuma babu tazara ko ɗaya. Rauta ba ta ɗaukar ƙaramin harafi a madadin babba. Da gangan na kauce wa haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ, don ba kowace waya ke da su ba. Takardar nan hannu da hannu na ba kowane ɗaki. Don Allah kada a manna ta a zaure, inda duk mai sallama zai karanta.

"Na rubuta daidai, amma wayar ta ce ba ta haɗu ba."

Tsohuwar kalmar ce ta riƙe, ita take ta gwadawa. Ka shiga wurin saita waifai, ka taɓa sunan gidanmu, ka zaɓi Forget, ko Forget This Network in iPhone ce. Daga nan ka sake zaɓen sunan ka rubuta sabuwar. Kafin ka tura, ka danna ɗan hoton idon nan da ke gefe, in wayarka na da shi, don ka ga abin da ka rubuta, domin yatsa kan zame.

"To me ya sa aka canja? Ai mun saba da tsohuwar."

Sabon da aka yi da ita ne ya jawo. Ɗakuna 8 ne a gidan nan, muna karo-karo mu sayi giga 120 duk wata. In an raba, kowane ɗaki na da giga 15, wato rabin giga a rana, gidan gaba ɗaya kuma giga 4 a rana. A watan da ya wuce data ta ƙare ranar 12 ga wata. Ke nan giga 10 ake sha kullum, ninki biyu da rabi na abin da ya kamata.

Sai na buɗe shafin rautar, inda take jera duk na'urar da ke kanta. Mun yi yarjejeniyar biyu-biyu kowane ɗaki, ya kamata in ga 16. Na ga 27. Don in tabbatar, ranar Juma'a na sake dubawa lokacin da maza ke masallaci, na kuma sake dubawa da la'asar, lokacin da matasa ke cika dakalin ƙofar gida. Adadin ya yi tsalle a daidai wannan lokacin. Rautar kuwa tana kusa da tagar da ke kallon layi, sabis ɗinta ya fi ƙarfi a dakali fiye da ɗakin ƙurya. Ban zargi kowa ba. Maƙwabci ya roƙa, kunya ta hana a ce a'a, shi kuma ya ba abokinsa, shi ke nan.

"Wallahi ni ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Na yarda, ƙanena, amma ba sai an faɗa da baki ba. Wayoyin Android daga na 10 zuwa sama suna da maɓallin Share a ƙarƙashin sunan waifai. Da an danna sai hoton QR ya fito, wani ya ɗauka da kyamararsa ya hau, wasu wayoyin ma har kalmar suke rubutawa a ƙasan hoton. Wanda ka ara wa wayarka ya kira mahaifiyarsa, in ya san lambar buɗe ta, minti ɗaya ya ishe shi. Akwai kuma manhajojin nan da ke alkawarin waifai kyauta. Da yawansu kalmar sirrin da masu amfani da su suka saka suke tarawa su raba wa wasu. Duk mai irinsu ya goge kafin ya saka sabuwar kalma.

"Mene ne dokokin yanzu?"

Ba su da yawa. Na'ura biyu kowane ɗaki, kuma a zo a nuna mini su in rubuta sunayensu, don in gane baƙuwa in ta shigo. Baƙon da ya zo kwana, a kawo wayarsa in saka masa, ran da ya tafi in cire. Kuɗin karo-karo ya shigo kafin 28 ga wata. Ɗakin da bai biya ba, ba zan ba shi kalmar wata mai zuwa ba, domin daga yanzu duk farkon wata za a canja ta.

Sauran magana ta bidiyo ce, don ita ke cin data. Kallon awa ɗaya da hoto tangaram kan ci giga guda ko fiye, rabon ɗaki na kwana biyu ke nan. A YouTube a shiga Quality a sauke zuwa 360p ko 480p. A fuskar waya bambancin kaɗan ne. A WhatsApp a shiga Storage and data a hana bidiyo sauka da kansa, musamman masu zaurukan dangi da na biki. Ɗalibanmu masu kwamfuta kuma su kunna Metered connection a Windows, in ba haka ba tana iya jan giga da dama tana sabunta kanta kana barci.

"Me zai hana ka toshe baƙin wayoyin kawai, ka bar mana kalmarmu?"

Na gwada. Rauta na gane waya da wata lamba da ake kira MAC, amma wayoyin yanzu kan ƙirƙiri lambar wucin gadi, mai wayo kuma na iya sake ta ya dawo. Canja kalma ne ke korar kowa lokaci guda.

"Tunda rautar na ɗakinka, kana ganin saƙonninmu ke nan?"

A'a, Hajiya. Sunan waya nake gani da lambarta ta MAC da lokacin da ta hau. Saƙon WhatsApp a kulle yake tun daga wayarki har wayar wanda kika tura wa. Duk mai shakka ya zo in buɗe masa shafin ya gani da idonsa.

"Mu na ɗakin ƙurya kuɗinmu ɗaya da kowa, amma sabis sai mun fito tsakar gida."

Kuna da gaskiya, Baba. Bango uku na bulo ne tsakaninku da rautar, ga ƙofar ƙarfe, ƙarfe kuwa yana tare sabis ƙwarai. Ranar Asabar zan ɗauke ta daga tagar waje in kafa ta sama a baranda mai kallon tsakar gida. Ku za ku samu ƙari, dakali kuma ya ragu.

"In an ɗauke wuta aka dawo ta ƙi aiki, kai kuma ba ka nan fa?"

A zare filogi, a ƙirga talatin, a mayar, a ba ta minti biyu ko uku fitilunta su daidaita. In fitilar waifai na ci amma ta sabis ta yi ja, matsalar daga kamfani ce ko data ta ƙare, babu abin da taɓa ta zai gyara. Abin da nake roƙo shi ne kada a zura tsinke ko allura a ɗan ramin baya da aka rubuta Reset. Riƙe shi na kamar daƙiƙa goma yana goge sunan waifai da kalmar sirri da duk abin da na saita, ta koma yadda ta fito daga kwali. A gaya wa yara ma, tunda yanzu baranda za ta koma. In ta ƙi bayan an zare an mayar, a kira ni, ko ina kasuwa zan faɗi abin da za a danna.