Ma'anar ribab, da abin da za ka yi in ya cika maka rikodin

Masu ɗaukar bidiyon biki da karatun malamai a nan Katsina sun san wannan matsalar: an ɗauki jawabi a babban ɗakin taro, ba kowa a ciki sai mai magana da mai waya, an dawo gida an kunna sai ka ji murya kamar daga cikin rijiya take fitowa. Yawanci eko muke ce mashi, amma abu biyu ne, eko da ribab. Eko, wato amsa-kuwwa, shi ne ka ji kalma ta dawo maka daban bayan ka faɗe ta. Sauti yana gudun kusan mita 343 a sakan ɗaya, kuma kunne yana fara raba murya da dawowarta ne in tazarar ta wuce kamar milisakan 50, wato sai sautin ya yi ƙarin tafiyar kusan mita 17. Shi kuwa ribab, dawowar ce da yawa-yawa, daga bango, daga tayil, daga silin, duk su cakuɗe su zama wata jela da ke bin kowace kalma. Shi ne ya fi ɓata jawabi, kuma shi ne ya fi wuyar cirewa.

Ana auna shi da abin da ake kira RT60, lokacin da sauti ke ɗauka kafin ƙarfinsa ya faɗi da desibel 60 bayan an yi shiru, desibel ko dB kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Wallace Sabine ne ya fito da lissafin, bayan da Jami'ar Harvard ta ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca a 1895 wanda ba a jin abin da malami ke faɗa a ciki. Lissafin shi ne RT60 = 0.161 × V ÷ A, inda V girman cikin ɗakin ne, A kuma yawan abin da ke shanye sauti.

Bari mu ɗauki irin ɗakin bikin da muka saba gani, tsawo mita 30, faɗi 15, sama 6. Girman cikinsa, wato tsawo sau faɗi sau sama, kubik mita 2,700 kenan. In ka haɗa ƙasa da silin da bangwaye huɗu za ka samu murabba'in mita 1,440, to tunda tayil ne da siminti da kujerun roba, mu ƙaddara kashi 10 cikin 100 kawai suke shanyewa, A ya zama 144. Lissafi ya ba da sakan 3. Magana kuwa tana son ƙasa da sakan ɗaya. A ɗakin sakan 3, bayan kashi ɗaya bisa goma na sakan jelar ba ta ragu ba sai da desibel 2 kacal, alhali a lokacin an riga an furta harafi na gaba. Shi ya sa wasali mai ƙarfi irin “a” yake hawa kan “f” da “t” da “ts” da ke biye ya danne su, kana jin muryar malam da ƙarfi amma ba ka gane me ya ce. Da ɗakin cike yake da mutane da manyan riguna da mayafai da sun shanye mai yawa, don mutum 300 za su iya sauko da shi kusan rabi.

To ga inda nake so a tsaya a fahimta da kyau. A kowane ɗaki akwai wata tazara daga bakin mai magana inda ƙarfin muryarsa ta kai-tsaye da ƙarfin ribab suke zama daidai, a ɗakin nan namu lissafi yana ba da wajen mita 1.7. Duk ninkin tazara muryar kai-tsaye tana faɗuwa da desibel 6, shi kuwa ribab kusan yana nan yadda yake ko'ina a ɗakin. Wanda ya kafa waya a mita 7 don ya samu hoto mai kyau, murya ta koma ƙasa da ribab da kusan desibel 12, yawancin abin da ya ɗauka ɗaki ne ba mutum ba. Wanda ya maƙala ɗan ƙaramin makirfo a wuyan riga, santimita 20 daga baki, murya tana sama da ribab da kusan desibel 18. Ɗaki ɗaya, malam ɗaya, bambancin desibel 30. Wallahi babu manhajar da za ta ba ka wannan a kyauta, kuma abin yana mani ciwo in ga an ɓata karatu mai kyau saboda ba a matso da makirfo ba.

Amma an riga an ɗauka, malam ya tafi, ya za a yi? Da farko a karɓi fayil ɗin asali, ba wanda aka yi ta turawa a WhatsApp ya matse ba. Na biyu kar a ɓata lokaci da Noise Reduction na manhajar gyaran sauti ta Audacity, an yi shi ne don ƙarar da ba ta canzawa irin ta fanka ko janareto, ka nuna mashi samfurinta ya cire. Ribab muryar mai maganar ce da kanta, tana canzawa da kowace kalma, ba ta da samfuri ɗaya.

Abin da ke aiki shi ne ragewa kaɗan-kaɗan. A cikin Audacity ka fara da High-Pass Filter, mai yanke sauti mafi kauri, a wajen 80 zuwa 100 Hz, wato ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙasa da nan babu abin da magana ke buƙata sai rugugin ɗaki. Sai ka buɗe Filter Curve EQ ka sauke tsakanin 200 da 500 Hz da desibel 3 ko 4, nan ne muryar ke yin kauri ta dusashe. In kana da kayan da aka yi musamman don wannan aikin, kamar DeReverb na Adobe Audition ko De-reverb na iZotope RX, yanzu ne lokacinsu, su suna ƙiyasta yadda jelar ke mutuwa ne su rage ta, ka fara daga ƙasa kana ƙarawa a hankali da abin kunne a kunnenka, ba da sifikar waya ba. Daga ƙarshe Noise Gate, mai rage sauti in mai magana ya yi shiru, don jelar da ke cike gurbin tsakanin jimloli, amma ka sa Level reduction a wajen -6 zuwa -10 dB kawai, kar ka rufe shi gaba ɗaya, don shiru ƙurmus tsakanin kalmomi ya fi ribab ɗin damun kunne. Sannan kar ka sa Compressor kafin waɗannan, aikinsa yana sa ƙananan sauti su taso, jelar da kake yaƙi da ita ce zai ɗago maka.

Ta ya za ka san ka wuce gona da iri? Murya za ta fara wani ɓulɓul, ko ka ji ƙarshen kalmomi yana yankewa. Mu wannan ya fi shafa, don kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, kuma in an datse dogon wasali kalma tana iya komawa wata. In malam ya ja aya ko baiti, madda ce farkon abin da zai lalace. Da ka ji haka ka koma baya, ka bar ɗan ribab ɗin a ciki. Gwaji mai kyau shi ne ka ba wanda bai halarci wurin ba ya saurari minti ɗaya na asalin da minti ɗaya na gyararren, ya faɗa maka wanne ya fi gane kalmominsa. Na mita 7 ɗin nan dai ko an yi duk wannan zai ɗan fito ne kawai, in jawabin mai muhimmanci ne kuma malam yana gari, a roƙe shi ya sake karantawa a falo mai kafet da labule, makirfo kusa da baki.