Kolokeshan: Dalilin da Turanci ke cewa make a decision amma do homework

Kolokeshan, a ilimin harshe, shi ne sabon da wasu kalmomi suka yi na zuwa tare a bakin masu harshe, har ya zama in an sauya ɗaya da wata mai ma'ana iri ɗaya sai maganar ta yi bambaraƙwai, ko da nahawunta bai karye ba. Bature yana cewa *make a decision* in zai yanke shawara, amma *do homework* in zai yi aikin da malami ya bayar a yi a gida. Wanda ya juya su ya ce *do a decision* ko *make homework* za a fahimce shi, sai dai kunnen mai harshen zai ji cewa baƙo ne ke magana.

Matsayinsa tsakanin sauran haɗe-haɗen kalmomi

Masana sukan ajiye kolokeshan a tsakiyar iyaka biyu. A gefe ɗaya akwai haɗin da ba shi da takura, kamar *buy a book*, inda za a iya cire littafi a sa mota ko gida ba tare da wani abu ya lalace ba. A ɗaya gefen akwai daskararriyar magana kamar *kick the bucket*, wadda ke nufin mutuwa, kuma sanin ma'anar kalmominta ɗaya bayan ɗaya ba ya kai mutum ga manufarta. Kolokeshan yana tsakani: ma'anarsa a fili take ga mai sauraro, amma zaɓin kalma a ɗaure yake ga mai magana. Wannan ne ya sa yake yaudarar ɗalibi. Zai karanta *make a mistake* sau da yawa ya gane nan take, don haka ba zai tsaya ya lura da aikatau ɗin ba, sai ranar da ya zo rubutawa da kansa ya rasa wanda zai ɗauka.

Harold Palmer, malamin Turanci da ya yi aiki a Japan, ya fitar da rahoto kan irin waɗannan haɗe-haɗe a 1933. J. R. Firth, masanin harshe na Landan, shi ya kafa batun a nazarin ma'ana, kuma a 1957 ya yi maganarsa da ta shahara cewa ana gane kalma ne ta abokan tafiyarta. Ɗalibinsa Michael Halliday ya kawo misalin da har yau ake maimaitawa: shayi mai ƙarfi a Turanci *strong tea* ne, ba a cewa *powerful tea*, alhali sifofin biyu ƙarfi suke nufi.

Rabon aiki tsakanin make da do

A *make a cake* aikatau ɗin yana ɗauke da cikakkiyar ma'anarsa ta haɗa abu. A *make a decision* kuwa kusan dukkan ma'anar tana cikin sunan, aikatau ɗin lokaci da mai aiki kawai yake nunawa. Otto Jespersen, masanin nahawu ɗan Denmak, ya kira irin wannan aikatau marar nauyi. Da yake nauyinsa kaɗan ne, ma'ana ba ta isa ta tilasta zaɓinsa ba, sai al'adar harshe ta cike gurbin. Duk da haka zaɓin bai zama na kara-zube ba, domin kowane ɗaya daga cikin biyun yana riƙe da ɓurɓushin ma'anarsa ta asali.

*Make* yana karkata ga abin da babu shi kafin a yi aikin, aikin ne ya samar da shi. Kafin mutum ya yanke shawara babu shawarar da aka yanke; kafin ya yi alkawari babu alkawarin. Shi ya sa ake samun *make a promise*, *make a suggestion*, *make a choice*, *make an offer*, *make a complaint*. Akwai wata alama kuma da ake iya gani da ido: yawancin sunayen nan an tsago su ne daga aikatau, kamar *decision* daga *decide* da *choice* daga *choose*, suna nuna aiki guda da ya faru ya ƙare, ana iya ƙirga su, kuma da yawansu ayyuka ne na baki ko na zuciya.

*Do* kuma yana karkata ga aikin da yake jiran mai yi. Aikin gida malami ya riga ya tsara shi, ɗalibi zartarwa kawai zai yi. Haka *do the housework*, *do your duty*, *do a job*, *do an exercise*. Ayyukan yau da kullum da ake maimaitawa, musamman masu ƙarewa da *-ing*, kusan duk nasa ne: *do the shopping*, *do the washing*, *do the cooking*. Nan ne bambancin ya fi fitowa sarai, domin a ɗakin girki ɗaya mace za ta *do the cooking* kuma ta *make dinner*. Na farko yana kallon hidimar, na biyu yana kallon abincin da ya fito daga tukunya. Sannan duk inda ba a ambaci aikin ba, *do* ne ke shiga: *do something*, *do nothing*, *what are you doing?* Shi ya sa in an tambaya *what did she do?* amsar za ta iya zama *she made a decision* ba tare da wani saɓani ba.

Inda ƙa'idar ta tsaya

Wannan rabo yana taimakawa ƙwarai, kuma ya cancanci a koyar da shi, amma kuskure ne a miƙa wa ɗalibi shi a matsayin doka. Gyaran gado da safe aiki ne na kullum, gadon ma yana nan tun jiya, duk da haka *make the bed* ake cewa. Ɓarna sakamako ce da aiki ya haifar, ya kamata ta bi *make*, amma *do damage* da *do harm* ne daidai. Mai zane da ya samar da sabon hoto yana iya cewa *do a drawing*. Ɗan kasuwa yana *do business* don ya *make money*. Mai bincike yana *do research* yana fatan ya *make progress*.

Misalin da ya fi nuna iyakar ƙa'idar yana cikin aikin gida kansa. In da ma'ana ce kaɗai ke hukunci, malamin da ya ƙirƙiro tambayoyin shi zai cancanci *make homework*. Amma ba haka ake cewa ba. A Birtaniya malami yana *set homework*, a Amurka yana *assign homework*, ko'ina kuma ana iya cewa *give homework*. Ita ma shawara ba *make* kaɗai ke tafiya da ita ba. *Take a decision* karɓaɓɓe ne a Turancin Birtaniya, musamman a harshen hukuma da jarida, yayin da Amurkawa suka fi tsayawa kan *make*. In an kai ga matsaya bayan doguwar muhawara sai a ce *reach a decision* ko *come to a decision*.

Sauran harsuna na Turai suna tabbatar da cewa al'ada ce. Jamusanci yana da *machen*, ɗan'uwan *make* na asali ɗaya, kuma da shi yake yin aikin gida, *Hausaufgaben machen*, amma shawara sai ya ce *eine Entscheidung treffen*, da aikatau mai nufin haɗuwa da abu. Faransanci yana da *faire* guda ɗaya a madadin aikatau biyun na Turanci: *faire ses devoirs*, amma *prendre une décision*, wato ɗaukar shawara.

Abin da ke faruwa ga mai jin Hausa

Hausa tana da “yi” da ke ɗaukar kuskure, alkawari, ƙoƙari, aiki da wanki duk a hannu ɗaya. Ɗalibi a makaranta yakan fara haɗa “yi” da *do*, daga nan sai ya shimfiɗa shi ko'ina, a samu *do a mistake* da *do an effort*. Wanda ya yi boko da Faransanci a Nijar yana da irin wannan matsala ta hanyar *faire*, sai dai *prendre une décision* yakan kai shi ga *take a decision*, wanda ya yi sa'a daidai ne. Batun ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ma yana cin jarrabawa, yana shan wahala, yana yanke hukunci, kuma ba zai yarda a ce masa an sha jarrabawa da nufin an yi nasara ba.

A ɗauki wannan jimla, irin wadda malamai ke gani a takardun ɗalibai: *I did a mistake when I was making a homework, so I did a decision to do more effort.* Nahawun lokuta lafiya lau yake, amma akwai gyara biyar. Kuskure abu ne da aka haifar, ana ƙirga shi, don haka *made a mistake*. Aikin gida jira yake a yi shi, don haka *doing*. Gyara na uku ba na aikatau ba ne: *homework* suna ne da ba a ƙirgawa, ba ya karɓar *a* kuma ba ya jam'i, sai a ce *my homework*. Na huɗu *made a decision*. Na biyar *make more effort*, wanda ƙa'idar ba ta bayyana shi sosai, tunda ƙoƙari ya fi kama da hidima, haddace shi ake yi. Jimlar da aka gyara ita ce: *I made a mistake when I was doing my homework, so I made a decision to make more effort.*

Ana iya tambaya me ya sa ba za a ce *I decided* kawai a huta ba. Sau da yawa hakan ya fi, musamman a jimlar da aka gyara, inda *make* ya zo sau uku. Amfanin doguwar sigar shi ne tana buɗe wa sifa wuri: *make a difficult decision* yana faɗin abin da *decide* ba zai iya faɗa da kalma ɗaya ba. Tana kuma ba da damar ɓoye mai aikin, kamar a *a decision was made*, abin da ya sa takardun ofis ke yawan amfani da ita.

Yadda ake tantancewa

Tun daga aikin John Sinclair a Jami'ar Birmingham, wanda ya haifar da ƙamus na COBUILD a 1987, ana gano kolokeshan ne ta binciken taskar rubuce-rubuce a kwamfuta. Ana ɗaukar kalma ɗaya, a duba kalmomi huɗu kafinta da huɗu bayanta a duk inda ta fito, sannan a kwatanta yawan haɗuwarta da kowace maƙwabciya da yawan da za a samu in da haɗuwar ta katsaham ce. Ƙirga kaɗai ba ya wadatarwa, domin *the* tana kusa da *decision* fiye da kowace kalma, amma tana kusa da kowane suna ma. Tazarar kalmomi huɗun tana da amfani saboda abokan ba dole su manne ba, kamar a *the decision was finally made*.

Ga mai rubutu, hanyar ita ce ya fara daga sunan, tunda shi ne ya riga ya sani, aikatau ne yake nema. Ƙamus na kolokeshan, irin na BBI da ya fito a 1986 ko na Oxford na 2002, an tsara su a kan haka: a buɗe *decision* a ga aikatau da sifofin da ke tafiya da ita. Neman *make* ko *do* a ƙamus na yau da kullum yakan kai mutum ga shafuka masu ma'anoni barkatai waɗanda ba za su nuna masa wanda sunansa ke buƙata ba. A littafin ajiye sababbin kalmomi ma, ya fi kyau a rubuta *do my homework* sukutum, har da *my* ɗin, domin a nan ne ake adana labarin cewa kalmar ba ta karɓar *a*.