Wasiƙar sabunta yarjejeniyar reyasiransi

Wasiƙar sabunta yarjejeniya takarda ce da kampanin asiransi, wato inshora, yake aika wa manyan kampanonin da ke ɗaukar masa wani sashe na kasada, waɗanda ƴan aikin ke ce ma masu reyasiransi, domin a ci gaba da hulɗa a shekara mai zuwa. Abu uku take ɗauke da su: asarar da aka yi a baya, abin da ya canza cikin kasuwancin kampanin, sai sharuɗɗan da yake nema. Galibin yarjejeniyoyin nan ranar 1 ga Janairu suke somawa, shi ya sa a Yamai daga Oktoba zuwa Disamba za ka tarar da ofishin reyasiransi na ƙaramin kampani, wanda sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu, yana fama da tabulo har dare. Da yawa daga cikin yarjejeniyoyin kuma suna neman wanda ke son ya canza sharaɗi ya aika sanarwar sokewa ta wucin gadi wata uku kafin 31 ga Disamba, ba don a rabu ba, don dai ƙofar ciniki ta tsaya buɗe.

Wa ake aika wa

Nijar tana cikin ƙasashe 14 na CIMA, ƙungiyar da aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kuma dokarta ce ke tafiyar da asiransi a ƙasar. Saboda haka mai rubuta wasiƙar ba shi da cikakken zaɓi. Africa Re, kampanin reyasiransi na ƙasashen Afirka da aka kafa a 1976 mai hedkwata a Legas, tana da haƙƙin kashi 5 cikin 100 na yarjejeniyoyin, CICA-RE ta Lome, kampanin reyasiransi na yankin CIMA, ita ma tana da kasonta na doka. Sannan gyaran da aka yi wa aya ta 308 ta dokar CIMA a 2016 ya hana fitar da fiye da rabin kasada zuwa wajen yankin sai da izinin minista, wasu rassan kamar mota da rashin lafiya ma ba a fitar da su sam. Abin da ya rage shi ake rabawa, kai tsaye ko ta hannun dillali, kuma jagora, wato kampanin da ke yanke farashi sauran su bi shi, shi ake fara turawa.

Sashen asara

Nan ne zuciyar wasiƙar, nan kuma ake gane wanda ya san aikinsa. A ɗauka wani ƙaramin kampani a Yamai yana da yarjejeniyar rara ta gobara: yana riƙe miliyan 50 na sefa a kan kowace kasada, abin da ya haura masu reyasiransi su ɗauka har ninki goma, wato miliyan 500. Cikin shekara biyar ya miƙa masu kuɗin asiransi miliyan 600, asarar da ta faɗo kansu kuma miliyan 420. In ka raba, kashi 70 cikin 100 ke nan. To ga kamasho na kashi 30 da suke mayar wa kampanin, ka ga an cike 100 cif, shekara biyar suna ɗauke da kasada ba su ci ko dala ba, balle a yi maganar kuɗin dillali.

Mai rubutu mai hankali ba ya ɓoye wannan, warware shi yake yi. Sai ya nuna cewa cikin miliyan 420 ɗin nan, miliyan 180 gobara ɗaya ce ta wani magazan shinkafa da man girki, in aka ware ta saura miliyan 240, kashi 40 ke nan. Amma fa ware ta ba ya nufin ba ta faru ba, don irin wannan gobarar ce ma aka yi yarjejeniyar, saboda haka dole ya faɗi ranar da ta tashi, me ya jawo ta, me rahoton mai ƙiyasta ɓarna ya ce, da abin da aka canza bayanta, misali yanzu ba a karɓar magazan da ya wuce wani adadi sai an je an duba wayoyin lantarki da tulunan kashe wuta.

Abin da ya fi ɓata ƙananan kampanoni shi ne haɗa asarar da aka biya da wadda ba a biya ba tukuna a layi ɗaya. Dole a raba su, kowace shekara da nata. Dalili kuwa, mai karɓar wasiƙar yana da ta bara a dosiye, zai ɗauko ya ajiye su gefe da gefe. In bara an ce asarar 2022 miliyan 60 ce bana ta koma 95 ba tare da bayani ba, ya gane cewa kuɗin da kampanin ke warewa don asarar da ke jiran biya ba ya isa, daga nan kuma duk alƙaluman shekarun baya-bayan nan zai ƙara masu wani abu da kansa kafin ya ba da farashi. Haka shekarar da ake ciki, alƙalumanta galibi a 30 ga Satumba suke tsayawa, kullum kyau take yi a takarda don ba ta ƙare ba, kuma bai kamata a jingina da ita wajen neman ragi ba.

Canjin kasuwanci

Wannan sashen gajere ne amma rashinsa na iya jawo gardama ranar biya. In kampanin ya buɗe reshe a Tawa ya fara karɓar magazan ƴan kasuwar Ƙonni, ko ya shiga tashoshin mai, ya faɗa. A haɗa da tabulon da ke nuna kasada nawa ke ƙasa da miliyan 50, nawa ke tsakanin 50 da 200, nawa suka haura. Sai batun tarin kasada wuri ɗaya, wanda mutanen Yamai sun san shi da idonsu: babbar kasuwa ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa a 2012. Shago talatin a layi ɗaya, a takarda kwangila talatin ce, ga wuta kuwa abu ɗaya ne. Ambaliyar kogin Isa ta 2020 ita ma ta sa ana tambayar nawa ne aka ɗauka a unguwannin bakin ruwa.

Sharuɗɗan da ake nema

Kampanin misalinmu yana son a ɗaga masa daga ninki goma zuwa goma sha biyar, wato miliyan 750, kamasho kuma ya tsaya a 30. Jagora zai duba cewa abin da ke shigo masu a shekara kusan miliyan 120 ne, gobara ɗaya cikakkiya za ta cinye kuɗin shekara shida da ɗoriya. Da wuya ya yarda haka kawai. Abin da ya fi tafiya shi ne a nemi abu ɗaya a ba da wani: a karɓi ninki goma sha biyu, a yarda da kamasho mai hawa da sauka, ya sauka zuwa 25 in asara ta yi yawa ya hau 35 in shekara ta yi kyau, manyan kasada ƙalilan da suka fi ƙarfin yarjejeniyar kuma a nema masu reyasiransi ɗai-ɗai. Ana rufe wasiƙar da ƙiyasin kuɗin da ake sa ran miƙawa baɗi da ranar da ake son amsa, kuma in akwai bashin lissafin wata uku-uku da kampanin bai biya ba, gara a faɗi ranar biya cikin wasiƙar, don shi ne abu na farko da jagora zai tambayi akantansa kafin ya buɗe tabulo.